Nawa ya kamata awa ɗaya ta aikinka ta kawo?

“Assalamu alaikum Malam. Ina Kano, ina zana tambari da takardun talla a kwamfuta, kuma na fi samun aiki a Fiverr. Ina karɓar dala 25 kan tambari ɗaya. Aiki yana shigowa, kwana nake ina yi, amma wata ba ya ƙarewa sai na ci bashi. Ina da mata da yara biyu. Ta yaya zan san mafi ƙarancin abin da ya kamata in karɓa a awa kafin in faɗa wa mutum farashi?”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a sana'a. Na daɗe ina cin abinci da wannan aikin, kuma abin da na fi gani yana karya masu shi shi ne yanka farashi ta hanyar leƙen na maƙwabci. Ka buɗe shafi ka ga wani yana zana tambari a dala 20, sai ka ce bari ka tsaya kusa da shi. Ba ka san ko a gidan iyayensa yake zaune ba, ba ka san ko yana da albashi a wani wuri ba, ba ka ma san ko shi ma faɗuwa yake yi ba. Ɗan kasuwa a Kwari ba ya sallama yadi sai ya san nawa ya saro shi, har da kuɗin mota da na ɗan dako. Kai hajarka lokacinka ne, kuma shi ma yana da kuɗin sari. Shi za mu lissafa. Alƙaluman da zan kawo misali ne na magidanci mai yara biyu, don haka ka goge nawa ka saka naka, hanyar ce abin riƙewa.

Abin da gida da aiki suke ci a wata

Ka ɗauki takarda ka zauna da maiɗakinka, domin ita ta fi ka sanin abin da tukunya take ci. Ka fara da abin da ake kashewa kowane wata: a ce cefane naira 160,000, gas da ruwa 20,000, kuɗin mota 25,000, magani 15,000, abin da kake kai wa iyaye da gudummawar biki da suna 30,000. Wannan na ƙarshen mutane suna jin nauyin rubuta shi, alhali ba watan da ba ya fita. Tunda zai fita, a rubuta shi.

Sai kuɗaɗen da ba sa zuwa wata-wata, kuma su ne suke jefa mutum cikin bashi, domin sai an manta da su suke ƙwanƙwasa ƙofa. Haya ta naira 600,000 a shekara, idan ka raba goma sha biyu, 50,000 ce a wata. Kuɗin makaranta na 100,000 a zango, sau uku, ya zama 25,000 a wata. Hidimar azumi, ɗinkin sallah da ragon layya, a ce 300,000 a shekara, wata 25,000 ke nan. Idan ka tara duka za ka samu naira 350,000 a wata. Wanda bai yi wannan rabon ba zai ga kamar ya ci riba a watan da babu haya, sai ya kashe kuɗin mai gida bai sani ba.

Aikin kansa ma yana da baki. Data 25,000, wuta da man janareto 35,000, kuɗin manhajar zane 15,000. Sannan kwamfutarka tana tsufa kullum. Idan wadda za ta maye ta za ta ci 900,000, kuma kana sa ran wannan ta yi maka shekara uku, to kowane wata tana cin 25,000, ko ka ware ko ba ka ware ba. Jimla 100,000. Mun kai 450,000.

Ka ɗora 50,000 na ajiya don ranar da ciwo ya kwantar da kai, tunda ba ka da ma'aikatar da za ta biya ka kana kwance. Sai haraji. Dokar harajin Najeriya da ta fara aiki a watan Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, tana karɓar kashi 15 cikin ɗari a kan miliyan 2.2 da ke biye, sannan kashi 18 a kan miliyan tara na gaba da su, kuma mai zaman kansa yana ciki. A irin wannan samun, bayan an cire kuɗin da aiki ya ci, abin zai kama kusan 60,000 a wata. Ainihin adadin naka sai ka zauna da masanin haraji, amma ka ware masa gurbi tun yanzu. To, jimlar abin da dole ya shigo hannunka shi ne naira 560,000 a wata.

Awannin da ba wanda yake biya

Nan ne zan daɗe, domin nan ne lissafin mafi yawan mutane yake rushewa. Mutum zai ce yana aikin awa 40 a mako, wato 160 a wata, sai ya raba 560,000 da 160 ya samu 3,500, ya ce wannan ne kuɗin awarsa. Wannan lissafin ma'aikacin ofis ne, wanda ake biyansa daga shigarsa zuwa tashinsa, ko aiki ya yi ko jarida ya karanta. Kai ba wanda yake biyan ka zama. Awar da ka yi kana zana abin da aka saya ita kaɗai ce take kawo kuɗi, kuma ita ce za ta goya sauran 'yan'uwanta.

Ka tuna jiya. Ka tashi da safe ka amsa saƙon mutum uku da suka tambayi farashi, biyu ba su sake magana ba. Ka gyara hotunan samfurin aikinka. An ɗauke wuta, ka fita neman mai. Ka yi minti arba'in kana jiran fayil ya hau saboda sabis ya yi rauni. Ka kalli bidiyon koyon wata dabara. Ka bi wani da ya riƙe maka ciko tun watan jiya. Duk wannan aiki ne, gumi ne, kuma babu sisi a cikinsa.

Kada ka yi ƙiyasi da ka, domin zuciya tana ƙara wa mutum awanni. Ka ajiye ƙaramin littafi kusa da kwamfuta har mako biyu, ko huɗu in ka iya. Duk lokacin da ka fara abu ka rubuta ƙarfe nawa, in ka gama ka rubuta, sannan ka sa alama: wannan akwai mai biya, wannan babu. Lokacin da na yi haka da kaina, na ɗauka ina sayar da awa talatin da wani abu a mako. Da na tara shafukan ranar wata Juma'a da yamma, sai na ga sha tara, wani makon ashirin da ɗaya. Na sake tarawa don ban yarda ba, adadin bai canja ba. Tun ranar na gane inda kuɗina yake zurarewa. A abin da na gani a kaina da yaran da na koya wa aiki, mai aiki shi kaɗai yakan sayar da kusan rabin lokacin da yake zaune, sabon shiga kuma ƙasa da haka, domin neman aikin ya fi yin sa cin lokacinsa.

Shekarar ma ba mako 52 ba ce a wurinka. Ka cire sallah ƙarama da babba, ka cire kwanakin zazzaɓi, ka cire tafiyar gaisuwa ko biki. Mako huɗu ne mafi ƙaranci, kuma idan aikinka yana raguwa sosai a goman ƙarshe na azumi, ka ƙara. Mu bar shi a mako 48. Awa 20 sau 48 ta ba da 960 a shekara, wato awa 80 a wata. Yanzu raba 560,000 da 80: naira 7,000. Ninki biyu ke nan na abin da lissafin farko ya bayar, kuma ba mu taɓa kamashon dandalin Fiverr ba tukuna.

Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ka ƙirga awa ɗaya sau biyu. Hirar da ka yi da wanda bai saya ba tana cikin awannin da ba a biya. Gyaran da ka yi wa wanda ya saya kuwa yana cikin awannin aikinsa, a kansa za ka ɗora. Ka zaɓa wa kowace awa gida ɗaya.

Kamasho raba shi ake yi

Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da mai saye ya biya ka, har da kyautar da ya ƙara maka don jin daɗin aiki. Abin da kusan kowa yake yi shi ne ya ɗora kashi 20 a kan farashinsa. A misalinmu 7,000 da kashi 20 ta zama 8,400. To amma dandalin daga 8,400 zai cire nasa kason, wato 1,680, ya bar maka 6,720. Ka gaza da naira 280 a kowace awa. Kamar ba komai, amma sau 960 ta kai 268,800 a shekara, kusan kuɗin makarantar yaranka gaba ɗaya.

Hanyar daidai ita ce ka tambayi kanka: daga kowace naira ɗari da aka biya, nawa ce take isowa gare ni? Tamanin. Sai ka raba da 0.8. Naira 7,000 a raba da 0.8 ta ba da 8,750, kuma idan aka cire kashi 20 daga nan, 7,000 ɗinka ta fito cif.

Akwai wani yankan bayan wannan. Kuɗin zai bi ta Payoneer ko wata hanya kafin ya zama naira a asusunka, kuma a hanya akwai kuɗin cirewa da bambancin canji, domin farashin dalar da za su lissafa maka yakan gaza wanda kake ji a kasuwa. Don ka san naka, ka duba cirewarka ta ƙarshe: dala nawa ta bar dandali, naira nawa ta sauka, kuma nawa dala take a ranar. Bambancin shi ne asararka. Mu ce kashi 3 ne, wato 0.97 ke isowa. Ga lissafin a dunƙule:

```
560,000 ÷ 80 = 7,000
0.80 × 0.97 = 0.776
7,000 ÷ 0.776 = 9,021
9,021 ÷ 1,400 = 6.44
```

Layin ƙarshe mayar da shi dala ne. Na sa 1,400 a matsayin misali, kuma shawarata ita ce ka yi lissafi da farashin da ya ɗan gaza na ranar. Mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, sai wasu suka ɗauka kullum hawa za ta yi, suka bar farashinsu yadda yake suna jiran canji ya cike musu giɓi. Amma tana sauka ma, kuma idan ta sauka kuɗin shinkafa ba ya biyo ta da sauri. Ga shi Fiverr yana riƙe kuɗi kwana 14 bayan an kammala aiki kafin ka iya cirewa, don haka farashin ranar da ka yi ciniki ba shi ne na ranar da za ka karɓa ba. Mu ce dai dala 6.5 ce ƙasanka a awa.

Za ka ji ana cewa Upwork, wani dandalin irin Fiverr, ya fi sauƙi. Kasonsu ya kasance kashi 10 daga 2023, sannan a 2025 suka mayar da shi mai hawa da sauka tsakanin sifili da kashi 15, kuma suna nuna maka shi kafin ka tura buƙata. To amma can sai ka sayi Connects, wato tikitin tura buƙata, kafin ka nemi aiki, kowane ɗaya santi 15 na dala. A ce kowace buƙata ta ci maka Connects 15, kuma kana tura ashirin a wata: dala 45 ke nan, naira 63,000, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Idan ka raba wannan a kan awa 80, ya ƙara kusan 790 a kowace awa. Ka haɗa da 7,000, ka raba da abin da ke isowa bayan kashi 10 da kashi 3, ka mayar da shi dala, sai ka tashi da kusan dala 6.4. Ka ga kusan kunnen doki ne. Kuɗin neman aiki yana shiga cikin kuɗin da aiki yake ci, a sama, kafin a zo kan kamasho.

Mu auna tambarinka na dala 25

Daga dala 25, abin da yake isowa shi ne 25 sau 0.776, wato dala 19.4, kimanin naira 27,160. Yanzu awa nawa yake ci? Zan ɗauki abin da na saba gani: awa huɗu na tunani da zanen farko, awa uku na gyare-gyare, a ce a canja launi, a ce a ƙara girman rubutu, a ce a koma na farko, sai awa ɗaya ta fitar da fayiloli iri-iri da miƙawa. Awa takwas. Raba 27,160 da takwas, ka samu kusan naira 3,400 a awa. Gidanka yana buƙatar 7,000. Wato kowane tambari da ka zana, rabin kuɗin sarinsa kawai aka biya ka, sauran rabin kai ka biya, da barcinka ko da bashin mai kanti. Shi ya sa yawan aikin bai fitar da kai ba. Don ka haɗa 560,000 a wannan farashin sai ka zana tambari ashirin da ɗaya a wata, awa 168 na zane zalla, ban da neman aiki da amsa saƙo.

Farashin da ya dace da awa takwas shi ne takwas sau 6.5, dala 52. Na san abin da za ka ce: in na sa 52 wa zai saya? Tambaya ce ta gaskiya, kuma lissafin nan ba ya tilasta wa kasuwa komai. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka wuraren da za ka iya taɓawa.

Wuri mafi kusa shi ne gyara. Idan ka rubuta a fili cewa farashin ya ƙunshi gyara sau biyu, na uku da kuɗinsa, kuma ka tura wa mai saye tambayoyi tun farko kan launi, sunan kamfani da irin tambarin da yake burge shi, awa takwas tana iya komawa shida. Shida sau 6.5 dala 39 ce, kuma tsakanin 25 da 39 tazarar da ake iya hawa ce a hankali. Na taɓa karɓar aikin wani mai shago ba tare da na iyakance gyara ba. Sau goma sha ɗaya ya dawo, kowane dawowa da ra'ayin wani ɗan'uwansa, aikin kwana biyu ya ci mako uku. Daga kansa ban ƙara fara zane ba sai an rubuta adadin gyara.

Wuri na biyu shi ne awannin da ba a biya. Idan ka tanadi amsoshin da kake yawan bayarwa, ka ware lokaci biyu kawai a rana don saƙo, ka riƙe tsofaffin masu saye waɗanda ba sai ka neme su ba, har awannin sayarwa suka tashi daga 20 zuwa 25 a mako, to wata ya zama awa 100, kuma 7,000 ta sauko 5,600 ba tare da ka rage wa iyali komai ba. Wannan ya fi rage cefane amfani nesa ba kusa ba. Abin da ba na so ka yi shi ne ka cike giɓin da kwana zaune, domin ido da baya ba su da kayan gyara, kuma zanen ƙarfe uku na dare shi ne yake jawo gyara da safe.

Na uku, ka haɗa kaya. Wanda ya zo neman tambari yawanci yana buƙatar katin kasuwanci da hoton shafinsa. Tunanin ka riga ka yi shi a tambarin, don haka ƙarin bai fi awa biyu ba, amma yana iya ɗaga cinikin da yawa.

Masu saye na gida fa? A nan babu kamasho babu canji, don haka 7,000 ɗinka ita ce ƙasa, tambarin awa shida 42,000. Kada ka janye wanda ka samu a dandali zuwa waje don gudun kamasho, dokarsu ta hana kuma suna rufe asusu a kan haka. Ina nufin mutanen da ka samu da ƙafarka. Su kuma nasu yankan shi ne ciniki da jinkirin biya. Tunda ka san za a taya, ka fara daga sama da ƙasanka yadda in an yi ragi ba za a ratsa shi ba, in an taya ƙasa da shi ka ce albarka. Ka karɓi rabi kafin alƙalami, kuma kada fayil na ƙarshe ya bar hannunka sai ciko ya shigo.

Inda lissafin ya tsaya

Dala 6.5 ɗin nan ba farashinka ba ne, iyakar da ba ka sauka ƙasa da ita ce, kuma sirrinka ce, ba a faɗa wa mai saye. Babu riba a ciki, babu kuɗin fili, babu na aikin Hajji. Farashin da za ka faɗa yana sama da ita gwargwadon ƙwarewarka da amfanin da aikin zai yi wa mai shi, domin tambarin kamfanin da zai buga shi a buhu dubbai ba ɗaya yake da na mai shagon unguwa ba, ko da awanninsu ɗaya ne. Kuma mai saye a Turai bai damu da hayar gidanka ba, aikin yake kallo, don haka kada arhar rayuwarka ta sa ka tsaya a ƙasa idan aikinka ya kai a biya fiye.

Akwai lokacin da mutum zai sauka ƙasa da iyakarsa da saninsa, kamar sabon shiga da yake neman shaidar masu saye biyar na farko. Ban hana ba, amma ka sa masa adadi da rana: aiki biyar, ko wata biyu, sannan ka tashi. Idan kuma ka yi duk gyaran da na ambata, ka gwada sabon farashi wata uku, kasuwar tambari ta ƙi ɗauka, to lissafin ya gaya maka gaskiya cewa wannan hajar a wannan wurin ba za ta riƙe gidanka ba, sai ka karkata zuwa aikin da masu yin sa ba su kai haka yawa ba, irin zanen kwalin kaya ko tsara littafi.

Ka fara littafin awanni gobe da safe. Farashin kuma kada ka ɗaga shi tashi ɗaya: ka sa iyakar gyara a wannan makon, ka kai tambarin dala 35 ga sababbin masu saye, ka ga yadda wata ɗaya zai kasance, sannan ka ƙara. Ka riƙa sake lissafin duk wata uku, da duk ranar da mai gida ya ƙara haya ko kuɗin mai ya motsa. In ka cika mako biyu da littafin, ka turo mini adadin awannin da ka samu mu duba tare.